Jaririn da Ba Ya Kukan Yunwa

'Yata, idan kika ji mata 'yan barka suna yabon jaririnki da haƙuri, wai ba ya kuka sai barci, ki yi godiya, amma ki koma ɗaki ki ƙirga sau nawa ya sha nono tun jiya. Na yi aikin ungozoma har na ajiye, kuma wannan yabo ya sha rufe wa uwa ido.

Wata mai jego a nan Katabu, haihuwar fari, barci ya ƙaurace mata bayan suna. Maigidan ya biya kemis a Mararraban Jos ya sayo mata Baliyam, ƙwaya mai miligiram 5, tana shan ɗaya kowane dare. Daren farko da na biyu ba a ga komai ba, shi ya sa babu wanda ya zargi maganin. Sai da aka doshi mako yaron ya daina tashi da kansa. In an ba shi nono ya ja sau uku ko huɗu, bakin ya saki. Uwar miji ce ta lura, don da ta ɗaga hannunsa ta sake, sai ya faɗi yaraf.

Dalilin jinkirin shi ne Baliyam magani ne mai daɗewa a jini. Ko babba, sai ya kwana ɗaya ko biyu kafin rabinsa ya fita, kuma abin da hanta ke juya shi zuwa gare shi ya fi haka jimawa. Abin da ke bi ta nono kaɗan ne, amma hantar jariri ba ta ƙosa ba. Kamar randa ce mai ɗan yoyo da ake ƙara mata ruwa kullum, wata rana sai ta cika. Saboda haka dabarar shan ƙwaya bayan an gama shayarwa ba ta yin tasiri sosai da wannan maganin. Bakwaini da jaririn da bai kai wata 2 ba su suka fi shiga haɗari.

Jariri sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, kuma daga kwana 5 yakan jiƙa ƙunzugu aƙalla sau 6. Barcin lafiya, in kika kwance masa zani kika sosa tafin ƙafarsa, zai murtuke fuska ya motsa ya nemi nono. Wanda magani ya kama sai ya buɗe ido da ƙyar ya koma, kukansa ba ƙarfi, fitsari ya ragu, nononki ya cika ya yi tauri don ba a shanye shi. In numfashinsa ya yi ƙasa da 30 a minti ɗaya, ko yana ɗaukewa ya daɗe, ko leɓensa ya canza launi, ko jikinsa ya yi sanyi, kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa. Ki nemi mota zuwa asibitin Kawo ko Barau Dikko, ki tafi da kwalin maganin a hannu. Ko da ba ki sha komai ba ki tafi, don shawara da ciwon da ya shiga jini su ma haka suke kwantar da jariri. Shi wancan yaron an kai shi a kan lokaci, likita ya sauya wa uwar tsari, cikin 'yan kwanaki ya dawo da kukansa.

Firiton da Fenagan, da mata ke sha don barci ko da babu mura, su ma suna bi ta nono. Ƙwaya ɗaya jefi-jefi ba kasafai take illa ba, shan kullum ne abin gudu, har yana iya rage nono. Kodin kuwa, wanda gwamnati ta hana shigo da ruwansa na tari da haɗa shi a 2018, mai shayarwa kada ta kusance shi. Kuma daren da kika sha abin da ke sa barci, kada ki kwanta gado ɗaya da jariri, ki miƙa shi ga wadda ta zo miki zaman jego.

Ga mai ciki, watannin ƙarshe ne abin lura. In ta dage da shan Baliyam ko Lekzotan har zuwa naƙuda, ana iya haifo yaro jiki a sake, ba ya iya jan nono, ko kuma bayan kwanaki ya kama karkarwa da kuka mara tsayawa saboda maganin da ya saba da shi ya yanke. Sai dai wadda ta daɗe tana sha kada ta jefar da shi rana ɗaya, don hakan na iya jawo mata jijjiga. A hankali ake ragewa, likita ne ke tsara yadda za a yi. Ki faɗa musu a wurin awo, da sunan maganin da tsawon lokacin da kika ɗauka kina sha, su rubuta a katinki domin wadda za ta karɓi haihuwar ta shirya wa yaron tun kafin ya fito.