Haƙurin da mai sayar da kaya ta ba mu bayan kwana 89: zare

1/ Zare ne kan saƙon ban haƙuri da masu sayar da kaya a intanet ke sakawa idan kaya sun makara. Akwai wanda ake rubutawa don a biya haƙƙin mai saye, akwai kuma wanda ake rubutawa don kasuwa ta ci gaba kawai. Zan yi amfani da wanda aka ba mu a Afrilun 2025. Ba zan faɗi sunanta ba, don Allah kar ku biyo ni inbok.

2/ Mu biyar ne a hostel ɗinmu a Zariya muka yi firi-oda ɗin jaka da takalmi na sallah wajen wata da ke Kano, tana sayarwa a Instagram. Saiti ɗaya naira 24,000. Ni na haɗa kuɗin, 120,000, na tura daga akawun ɗina ranar 20 ga Janairu. Alkawari: daga Chana ta jirgin sama, sati uku, wato 10 ga Fabrairu.

3/ Ƙaramar sallah ta kama 30 ga Maris. Kaya suka iso hannunmu 19 ga Afrilu, kwana 89 bayan mun biya. A tsakanin nan amsa ɗaya muke samu: "kaya na hanya in sha Allah, a ƙara haƙuri." Kuma da yake ni na tura kuɗin, ni ake tara a bakin famfo ana tambaya. Har akwai wadda ta daina amsa gaisuwata.

4/ Kwana biyu da isowar kayan ta saka dogon rubutu a shafinta. Gaskiya ya fi irin waɗanda na saba gani, domin ta kawo ranaku. Daga ranakun ne na gane ainihin abin da ya faru, kuma su ne suka nuna min abin da ba ta faɗa ba. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

5/ Na farko, ta ce sai 24 ga Janairu ta tura wa mai kayan kuɗi, don tana jira oda ta cika. Sabuwar shekarar Chana a 2025 ta kama 29 ga Janairu. Lokacin ma'aikata kan tafi garuruwansu, masana'antu da sito su rufe, wasu sati biyu, wasu fiye. Kayanmu ba su isa siton ejan ɗinta a Guangzhou ba sai 17 ga Fabrairu.

6/ Wannan hutun duk shekara yana zuwa, tsakanin ƙarshen Janairu da wajen tsakiyar Fabrairu. Duk mai saro kaya daga can ya san da shi kamar yadda ɗan Kwari ya san hutun sallah. Wanda ya ce maka sati uku ana saura kwana tara hutun ya kama, ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa. A rubutun nata ta kira shi "abin da ba a zata ba."

7/ Na biyu shi ne babban. Ta ce da aka auna kayan, kuɗin jirgin sama ya ninka abin da ta lissafa, shi ya sa ta mayar da su jirgin ruwa. Na yarda da ita a nan, don akwai dalili. Jirgin sama ba nauyi kaɗai yake dubawa ba, har da wurin da kaya suka cinye, kuma wanda ya fi yawa a cikin biyun shi ake caja.

8/ Lissafin da aka fi amfani da shi: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 6,000. Kwalin takalmi mai 30 da 20 da 10 ya ba da 6,000 daidai, wato kilo ɗaya, ko da takalmin ciki rabin kilo ne. Ita ta yi farashi da nauyin takalmi, aka caje ta da girman kwali. Jakunkuna ma an cika su da takarda don kar su lotse.

9/ Ta ce da ta biya kuɗin sama, babu ribar da za ta rage mata, har sai ta ciko daga aljihu. Sai kayan suka shiga kwantena da na wasu 'yan kasuwa. Jirgin ya tashi 24 ga Fabrairu, ya iso Legas 5 ga Afrilu, kwana 40. Aka fito da kaya daga tashar 15 ga wata, mota ta kai su Kano 18, washegari webil ya iso Zariya.

10/ Yanzu ku koma kan 17 ga Fabrairu. Ranar saura kwana 41 sallah. Da ta saka su a jirgin sama, ko sati uku suka yi, da sun zo da sauran lokaci. Da ta zaɓi ruwa kuwa, ta san tafiyar kaɗai za ta cinye kwanakin, ban da jiran lodi da fito da kaya. Tun ranar ta san ba za mu yi sallah da su ba.

11/ Abin da rubutun bai taɓa ba ke nan. Ta ba da haƙurin jinkiri, ba ta ba da haƙurin ɓoye mana ba. Kuɗinmu ne, kuma mun biya ne bisa sharaɗin jirgin sama. Canza hanya shawara ce da ya kamata a kawo mana: ku ƙara kuɗi su zo da wuri, ko ku jira ruwa, ko a mayar muku da kuɗinku. Mu za mu zaɓa.

12/ Na tambayi sauran huɗun daga baya. Uku sun ce da sun ƙara kuɗin ba musu. Ɗaya ta ce da ta karɓi kuɗinta tun Fabrairu ta saya a kasuwa hankali kwance. A maimakon haka, ana jibi sallah ta shiga kasuwar Sabon Gari ta sayi takalmi da jaka 18,000 daga kuɗin abincinta. Ta dawo hutu tana haɗa tukunya da mu har ƙarshen wata.

13/ Ba ladabi kaɗai ba ne, doka ma ta yi magana. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin a yi masa aiki a kan lokaci, kuma a sanar da shi a kan lokaci idan an samu jinkirin da ba makawa. "Kaya na hanya" ba sanarwa ba ce. Gaskiya ce da aka faɗa don a rufe wata gaskiyar.

14/ Sai batun diyya. Ta ce duk wanda abin ya shafa za a rage masa kashi 10 a odarsa ta gaba. Ku lissafa: kashi 10 na 24,000 shi ne 2,400, kuma ba za ki gan shi ba sai kin sake tura mata 21,600. Wadda ta yi asarar 18,000 an ce ta kawo wasu kuɗin kafin a share mata hawaye. Talla ce aka sa wa rigar diyya.

15/ A ƙarshe ta rufe da "ku yafe min don Allah, ni ma 'yar Adam ce," sannan ta kulle wurin sharhi bayan wasu awanni. Kafin ta kulle, yawancin masu rubutu ba su yi odar ba: "Allah ya ƙara kasuwa," "ai ko haƙurin ma ta yi ƙoƙari." Wata da ta tambayi yadda za a mayar mata da kuɗi aka yi mata caa, wai ba ta da tausayi.

16/ Wannan ya tsaya min a rai. Yafiya abu ce mai kyau, kuma na yafe mata ɓacin ran da na sha. Amma kowa ya sani haƙƙin mutum sai an mayar masa, ko shi da kansa ya ce ya bari. Idan aka haɗa ka da Allah a gaban mutum dubu, sannan aka rufe maka baki, kunya ce ta sa ka yi shiru, kuma kuɗinka suna nan a wuyan mai su.

17/ Ba zan zalunce ta ba. Ba ta gudu ba, ba ta canza sunan shafi ba, ba ta ɗora wa ejan ko kwastam laifin zaɓin jirgin ruwa ba. Ta ce ita ta yanke. Kayan kuma sun zo yadda suke a hoto. Don haka ban ɗauke ta macuciya ba. 'Yar kasuwa ce da lissafi ya ƙwace mata, ta ji tsoron kowa ya ce a ba shi kuɗinsa lokaci ɗaya.

18/ Kuma tsoron yana da tushe. A firi-oda babu jari a gefe, kuɗinku ne jarin. Da zarar an mayar da shi kuɗin Chana an biya mai kaya, babu abin da za a mayar sai an sayar da wani abu. Shi ya sa masu wannan harkar ke jan lokaci da daɗin baki. Na fahimci dalilin, amma wanda ke ɗaukar nauyin tsoron nan ɗaliba ce mai jiran alat daga gida.

19/ Biyu daga cikinmu sun ce sallah ta wuce, kuɗi suke so. Na rubuta mata saƙo ɗaya a WhatsApp, ba zagi: hoton alat na 20 ga Janairu, hoton inda ta rubuta "jirgin sama, sati uku," da ranakun da ita kanta ta saka. Na ce za mu mayar da saiti biyu a kwalinsu, ta turo 48,000, kuɗin webil a kanta. Ta yarda. Kwana tara kuɗin suka shigo.

20/ Rubutunta ne ya ba ni hujja. Don haka idan an saka irin wannan haƙurin, ki ɗauki hotonsa kafin a goge, ki nemi rana biyu a ciki: ranar da mai kaya ta san za a makara, da ranar da ta faɗa miki. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce girman laifin. A namu, daga 17 ga Fabrairu zuwa 21 ga Afrilu, kwana 63.

21/ Kuma tun kaya suna "hanya" za ki iya ganewa. Tambayi ta sama ne ko ta ruwa, ki nemi hoton rasit ɗin ejan. Idan aka ba ki lamba mai haruffa huɗu da alƙaluma bakwai, lambar kwantena ce, kayanki na kan ruwa, ki fara ƙirgen wata biyu ko fiye. Idan sati ya wuce ba hoto ba lamba, nemi rana takamaimai a rubuce.

22/ Ga masu sayarwa da ke karanta wannan, na san da yawanku ɗalibai ne irina, da ribar kuke biyan kuɗin makaranta. Saƙo mai layi uku ranar da kika gane matsala, mai ɗauke da sabuwar rana da zaɓi, ya fi shafi guda bayan wata biyu. Wasu za su karɓi kuɗinsu, zai yi ciwo. Amma a cikinmu biyar, uku za su ƙara miki kuɗi su jira.