Mai gadi, ka ci tuwonka kafin ka kama aiki

Idan kana gadin rumfunan katako ko na hatsi a Kasuwar Katako, ka san yadda sanyin Jos yake ratsa ƙashi a watannin Disamba da Janairu. Da ƙarfe 2 na dare ya yi, sai ranka ya biya indomi da ƙwai, da burodi, da shayi mai kauri. Na daɗe ina aikin dare, kuma abin da na lura a jikin abokan aikina shi ne, wannan lodin na tsakar dare yana jawo gyangyaɗi a bakin aiki, da tumbi bayan 'yan watanni.

Dalili kuwa, jiki yana da agogonsa. Ko idonka biyu, da dare narkar da abinci tana raguwa, kuma jiki ba ya sarrafa sukari kamar yadda yake yi da rana. Ka cika ciki a lokacin, sai kasala ta rufe ka wajen ƙarfe 3 zuwa 5, daidai lokacin da barci ya fi ƙarfi, ɓarawo kuma ya fi so.

A ce kana kama aiki ƙarfe 6 na yamma, ka tashi 6 na safe. Babban abincinka, tuwo ne ko gwate ko shinkafa da wake, ka ci shi wajen ƙarfe 5. Uwargida, a nan taimakonki yake: ki sauke tukunyarsa bayan La'asar. Wajen ƙarfe 11 ka ci abu kaɗan mai riƙe ciki, kamar dafaffen ƙwai biyu ko gyaɗa cikin tafin hannu. Daga nan zuwa Asuba, ruwan ɗumi a filas ya wadatar, in yunwa ta matsa ka ƙara ayaba ɗaya.

Shayi da kofi da goro duk suna ɗauke da sinadarin da ke hana barci, kuma kusan rabinsa yana nan a jini bayan awa biyar. Saboda haka kofin ƙarshe ko ɓarin goron ƙarshe kada ya wuce ƙarfe 1.

Da ka tashi aiki, ka sha koko da ƙosai uku, don kada yunwa ta tashe ka. Ka kwanta daga 7 zuwa 12 a ɗaki mai duhu, ka ci abin rana marar nauyi, sannan ka ƙara awa biyu bayan Azahar. Awa bakwai ke nan.

Idan ƙwannafi yana tashinka daga barci, ko wandonka ya fara matse ka, to cin dare ya yi yawa. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura kuwa, kada ya sauya lokacin cin abinci sai ya ga likitansa, domin sugansa na iya faɗuwa yana shi kaɗai a bakin aiki.