Tambayoyin da Na Soke Daga Takardar Bincikena

Lokacin da na ɗauki jigon kundina, wato yadda matasa ke rubuta Hausa a WhatsApp da Facebook, na zaci wahalar aikin ba ta wuce ta hanya ba, daga Talata Mafara zuwa Bakura da Maradun. Na tsara tambayoyi ashirin na kai wa malamina. Sai ya ja layi a ƙarƙashin guda uku, ya ce, "Ka tuna waɗanda za ka tambaya yara ne."

Ta farko ita ce, "Kana da waya?" Da ganinta ba ta da illa. Amma a makarantar da aka hana riƙe waya, ɗalibin da ya rubuta "e" ya kai ƙarar kansa ke nan, musamman idan malamin aji ne zai tattara takardun. Saboda haka na mayar da ita, "Da wayar wa kakan shiga?" tare da zaɓi huɗu: ta uwa, ta yaya, ta aboki, ta kaina. Takardun kuwa a akwati rufaffe za a jefa su.

Ta biyu ta fi ba ni kunya. Ban nemi suna ba, amma na nemi shekaru da aji da unguwa da lambar waya. Ashe idan 'yan mata biyu kaɗai ke zuwa daga wata unguwa, shekarunsu sun isa a gane wadda ta ba da amsa. Ga kuma halin ƙasar. A Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata a Jangebe, a Satumba aka sace na Kaya ta Maradun, har aka rufe layukan waya a jihar. Uban da ya ga wannan, in ya ji baƙo na tambayar lamba da unguwar 'yarsa, ba ɗan jami'a zai ɗauke shi ba. Na soke lamba da unguwa, na bar shekaru rukuni-rukuni: 13 zuwa 15, 16 zuwa 17.

Ta uku roƙo ne na a nuna mini saƙonni. Saƙo kuwa na mutum biyu ne, ɗayan bai san da ni ba. Maimakon haka sai na karanta musu jimla, kowa ya rubuta ta kamar yadda zai aika wa abokinsa. A nan na ga inda ƙugiyar ɗ da ƙ ke faɗuwa, da inda karin harshen Zamfara ke fitowa fili.

Saura izini. Na ɗauka yardar shugaban makaranta ta wadatar, alhali Dokar Kare Bayanai ta 2023 yardar iyaye ko waliyyi take nema ga wanda bai kai shekara 18 ba. Na aika da takarda cikin boko da ajami. Wasu ba su dawo ba, kuma ban bi sawu ba. Wata yarinya mahaifinta ya sa hannu, ita kuwa ta miƙo takardarta fara fat. Haka na karɓa na jefa a akwati.