Yadda na kai ƙorafi kan makin furojet ɗina, da hujjojin da na haɗa

1/ 'Yan ajin ƙarshe, ku matso. Zan ba ku labarin yadda na rubuta wa makarantarmu takardar ƙorafi kan makin furojet, har aka sake dubawa. Ba zan faɗi sunan makarantar ko na malami ba. Abin da nake so ku ɗauka shi ne: “an zalunce ni” ba hujja ba ce. Takarda ce hujja.

2/ Ni ɗan Sakaba ne, a masarautar Zuru. Bincikena a kan asarar dawa a rumbu ne. Na cika takardun tambayoyi 120 da manoman Dirin Daji da Makuku da garin Sakaba. Duk wanda ya san halin tsaro a yankinmu ya san ba kullum ake bin hanyoyin nan ba. Da sakamako ya fito, 54 na gani, wato C.

3/ Wani zai ce, to ai ka ci, mene ne na tada jijiyar wuya? Bari mu yi lissafi. A tsarin maki biyar, A tana farawa daga 70, B daga 60, C daga 50. A maki 5 ce, B 4, C 3. Furojet ɗinmu yunit 6 ne, don haka kowane hawa ɗaya maki 6 ne cur.

4/ Yunit 150 na ɗauka gaba ɗaya. Da C, jimillar makina 521, in ka raba da 150 CGPA ya zama 3.47. Da B zai zama 527, wato 3.51. Iyakar digiri mai daraja ta biyu ta sama kuwa 3.50 ce. Kun ga furojet ɗin nan kaɗai ne zai yanke abin da za a rubuta a takardar shaidata har abada.

5/ Ban fara da ƙorafi ba, da tambaya na fara. Na rubuta wa shugaban sashe layi uku, ina neman a nuna mini yadda aka raba makin. A sashenmu kashi uku ne: malamin da ya duba ni yana da 40, kwamitin da na kare aikin a gabansa 30, mai dubawa daga wata jami'a 30.

6/ Jami'in jarrabawa ya buɗe mini fayil. Malamina ya ba ni 26, kwamiti 19, na waje 9. Tara cikin talatin! A ƙasa ya rubuta dalilinsa: mutum 40 kawai aka tambaya, sun yi kaɗan, kuma babi na huɗu ba shi da jadawalin nazari. Nan take na gane inda gizo ke saƙar.

7/ Mutum 40 su ne na gwajin farko. Suna cikin tsohon kwafin da na miƙa kafin in koma gida in kammala tattara bayanai. Kwafin ƙarshe mai bango yana da 120, da jadawali bakwai a babi na huɗu. Ma'ana, tsohon aka aika masa. Shi bai yi laifi ba, abin da aka ba shi ya auna.

8/ Wannan shi ne gishirin maganar. Makaranta ba ta cika sauraron “aikina ya fi ƙarfin C” ba, don wannan hukuncin malami ne, kuma ba kai za ka koya masa aikinsa ba. Abin da take saurare shi ne kuskuren tsari: an duba kwafin da ba shi ba, an yi kuskuren tarawa, an manta wani kashi, ko an saɓa ƙa'idar da ke rubuce.

9/ Takardar shafi ɗaya ce. Zuwa ga magatakardan makaranta, ta hannun shugaban tsangaya, ta hannun shugaban sashe. Tsallake na ƙasa yana sa a dawo maka da ita. A sama na sa lambar ɗalibtata, lambar kwas, zangon karatu, da makin da aka ba ni.

10/ Sakin layi uku ne a ciki. Na farko, abin da ya faru, bi da bi da kwanan wata. Na biyu, inda aka saɓa ƙa'ida. Na uku, abin da nake nema: a ba mai dubawa na waje kwafin ƙarshe ya sake aunawa. Ban nemi a ba ni B ba. Ban kuma zargi kowa da ƙiyayya ba, tunda ba ni da takardar da ke nuna haka.

11/ Sai jerin hujjoji, kowace da lambarta:
Ta 1: shafin littafin dokokin ɗalibai da ya ce kwafin da aka gyara aka sa wa hannu shi ake aunawa.
Ta 2: shafin amincewa na kwafin ƙarshe, da sa hannun malamina da kwanan wata.
Ta 3: hoton rajistar sashe, inda na sa hannu ranar da na miƙa.

12/ Ta 4: sharhin mai dubawa na waje da ya ambaci mutum 40.
Ta 5: babi na uku na tsohon kwafi da na sabo, gefe da gefe, 40 da 120.
Ta 6: saƙon WhatsApp na malamina da ya ce in je in yi bango.
Ta 7: sakamakon da na buga daga shafin makaranta.
Takardun tambayoyin 120 kuwa na rubuta cewa suna hannuna in an buƙata.

13/ Ku lura, kowace hujja abu ɗaya take tabbatarwa. Ta 1 ta nuna ƙa'ida. Ta 2 da ta 3 sun nuna na cika nawa a kan lokaci. Ta 4 da ta 5 sun nuna ba shi aka duba ba. Abin da ban sa ba shi ne makin abokina. “Wane ya samu A alhali na fi shi” ba ya kai ka ko'ina, sai dai ka jawo masa matsala.

14/ Kwafe na miƙa, na asali suna jakata. Na biya kuɗin sake dubawa, na manna rasit. Na kuma sa sakatariyar ofis ta buga hatimin karɓa a kan nawa kwafin, da kwanan wata. Takardar da ba ta da wannan hatimi, in ta ɓace, kamar ba ka taɓa rubuta ta ba.

15/ Gaskiya akwai tsada. Makarantu suna sa wa'adin ƙorafi, ku duba naku littafin ranar da sakamako ya fito. Sake dubawa na iya rage maki, ba ƙarawa kawai ba. Kuma sai majalisar malaman jami'a ta amince da gyaran. Ni sunana bai shiga jerin masu tafiya bautar ƙasa tare da 'yan ajinmu ba. Baba ya ce, “Ɗana, ka tabbata da gaskiyarka?” Na ce na tabbata. Ya ce to jira.

16/ Bayan wata uku, mai dubawar ya karanta kwafin ƙarshe ya ba da 17 a maimakon 9. Jimilla 62, B, CGPA 3.51. Alhamdulillahi. Da an yi shiru, mataki na gaba shi ne Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a Birnin Kebbi. Amma ita ma za ta so ta ga ka bi matakan cikin gida tukuna.

17/ Ku da ke rubuta furojet yanzu: kowane kwafi ku rubuta masa kwanan wata a bango. Ku ɗauki hoton shafin sa hannu kafin ku miƙa, da hoton rajista bayan kun sa hannu. In an ce a kawo sabon kwafi, ku nemi a dawo muku da tsohon. Ku tura wa ɗan ajinku da ke shirin kare nasa. Allah Ya ba da sa'a.