Baiti na goma sha bakwai

'Yan'uwa ɗalibai, waƙar da kuke gani a kwalaye uku da ke gefen wannan rubutu ita ce ta bankwanan yayyenmu 'yan aji shida na bana, 2025. Ita za a buga a shafin farko na littafin yaye ɗalibai. Mu 'yan aji biyu na ƙungiyar 'yan jarida aka ba aikin kwafe ta da maka, don haka mun karanta ta fiye da kowa, wataƙila har fiye da wasu daga cikin masu ita. Muna so mu yi magana a kan baiti ɗaya, na goma sha bakwai, wanda saura kaɗan a cire shi.

Amma bari mu fara da yadda aka gina waƙar, saboda 'yan aji ɗaya da ba su kai wannan darasi ba. Baitoci ashirin da huɗu ne, kowane baiti yana da ɗango biyar, wato ƙwar biyar ke nan. Ɗango huɗu na farko suna ƙarewa da sauti iri ɗaya, kuma sautin yana canzawa daga baiti zuwa baiti. Shi ne ƙaramin amsa-amo. Ɗango na biyar kuwa, tun daga farkon waƙar har ƙarshenta, da “na” yake ƙarewa. Shi ne babban amsa-amo. Mun tambayi yayanmu da ya riƙe biro me ya sa suka zaɓi “na”. Ya ce sai da suka zauna suka jera kalmomin da suke bukata, suka ga yawancinsu a nan suke: kwana, rana, suna, ƙauna, amana, zauna, gana. Da sun zaɓi wani sauti mai ƙarancin kalmomi, da kafin baiti na goma sun fara cusa abin da ba su yi niyyar faɗa ba.

An buɗe ta da sunan Allah da salati, an rufe da addu'a, kamar yadda aka saba a rubutattun waƙoƙi. Kowane ɗango gaɓa tara ne. Mun ƙirga da yatsa muna kwafewa, sau biyu kawai muka sami goma.

Akwai wata 'yar gardama da aka yi a kan kalma ɗaya, a ɗangon da ke cewa “Wanga ɗaki, sai wata rana.” Wani a cikin ƙungiyarmu ya ce a mayar da “wanga” ya zama “wannan”, tunda daidaitacciyar Hausa ake rubutawa a jarrabawa. Malamin Hausa ya ce mu rera duka biyun muna buga tebur. Gaɓoɓin dai tara ne ko da wanne aka sa, amma “nan” gaɓa ce mai nauyi, “ga” kuma marar nauyi, sai muka ji ɗangon yana ɗingishi da “wannan”. Malam ya ƙara da cewa Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Hausar yankin nan ya yi waƙa, kuma har a jami'o'i ana nazarinsa. Aka bar “wanga”.

Baitocin ɗakin kwana sun fi ba mu dariya, don duk abin da ke ciki mun san shi: ƙararrawar asuba, gado mai hawa biyu da ke kuka in na sama ya juya, layin famfon tuƙa-tuƙa, gabza da miyar kuka, da kwaki da ƙuli-ƙuli da ake jiƙawa bayan an kashe fitila. Akwai ɗango guda tak da suka nemi gafarar ƙannensu saboda aiken ɗibar ruwa. Mun yafe. Sai dai mun lura cewa gabza ta sami baiti sukutum, mu da muka yi shekara biyu muna ɗaukar bokiti ɗango ɗaya muka samu.

Baitocin malamai shida ne, kuma gaskiya ba duka ne suka yi armashi ba. Uku daga ciki sun ce malami fitila ne, malami uba ne, malami ginshiƙi ne. Ba ƙarya suka yi ba, amma za a iya ɗauke su a manna a littafin wata makaranta a Gusau ko Sakkwato ba wanda zai gane. Wanda ya tsaya mana a rai shi ne na malamin lissafi, wanda lokacin da aka rufe makaranta yake rubuta tambayoyi da hannu a takarda, a miƙa daga gida zuwa gida. Ba a faɗi sunansa ba, amma da aka karanta baitin a asambuli kowa ya juya wurinsa, shi kuma ya sunkuyar da kai.

Kafin a fahimci baiti na goma sha bakwai sai an san shekarun da yayyenmu suka yi a nan. Sun shigo aji ɗaya a 2019. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, suka yi watanni a gida. Sun dawo ba da daɗewa ba, ranar 26 ga Fabrairu 2021, aka sace ɗalibai mata a makarantar kwana ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. Gwamnati ta rufe makarantun kwana. Ranar 1 ga Satumba na wannan shekarar aka sake ɗaukar ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta Maradun, aka rufe makarantun jihar gaba ɗaya, aka yanke layukan waya, aka dakatar da kasuwannin mako. Sai a Janairun 2022 aka fara buɗe wasu makarantu. Mu muna firamare lokacin, abin da muka fi tunawa shi ne Alhamis ta zo babu cin kasuwar Shinkafi. Su kuwa karatunsu ne ya yanke. Da aka koma, ba kowa ne ya komo ba. Wasu iyayensu sun bar ƙauye sun koma Ƙauran Namoda ko Gusau, wasu sun kama sana'a, wasu kuma iyaye sun ce ba za su sake barin ɗansu ya kwana nesa da gida ba. Akwai waɗanda Allah ya yi wa rasuwa.

Ga baitin kamar yadda yake yanzu:

Ran shigowa mun taho da su,
Ga gadaje babu masu su,
Ga kujeru can da sunansu,
Yau fita ce, ba mu ganinsu,
Rabbu sa wata ran mu gana.

Ba haka yake ba a rubutun farko. A da baitoci biyu ne, na biyun ya jera sunayen abokansu bakwai da garuruwansu, daga nan Jangeru, daga Shinkafi, har ɓangaren Zurmi. Da aka kai wa kwamitin littafin, sai ra'ayi ya rabu gida uku.

Wasu malamai sun ce a cire duka biyun. Dalilinsu shi ne ranar yaye ranar murna ce, iyaye za su zo, kuma iyayen 'yan aji ɗaya za su karanta littafin. Wanda dama zuciyarsa na rawa game da barin ɗansa a makarantar kwana, in ya ga “gadaje babu masu su”, yana iya ɗauke shi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A ɗakinmu ma akwai wanda babansa yake cewa a kowane hutu, wannan ne zangon ƙarshe.

'Yan aji shida sun ce ko a bar duka biyun ko a cire waƙar gaba ɗaya. Shugaban ɗalibai ya ce ba zai yiwu su yi wa gado da famfo bankwana ba, su ƙyale mutanen da suka kwana a gadon.

Malamin Hausa shi ya kawo magana ta uku. Ya ce baitin farko ya zauna, na sunaye ya fita. Ya ce tunawa da waɗanda aka rasa ba baƙon abu ba ne a waƙar Hausa, Nana Asma'u ma ta rubuta marsiyyoyi. Amma littafin za a buga shi ne, zai shiga hannun da ba mu sani ba, kuma a wannan yanki rubuta sunan mutum da garinsu, da nuna cewa danginsa sun tashi, ba abin wasa ba ne. Sannan ba wanda ya nemi izinin mutum bakwai ɗin ko na iyayensu. Mai yiwuwa wanda ke ɗinki a Ƙaura yanzu ba ya son a buga shi a littafi a matsayin wanda bai gama ba.

Sai da aka yi zama biyu kafin shugaban makaranta ya amince da wannan. Aka gyara ɗango na uku, wanda a da yake cewa ga sunayen nan tafe, ya koma maganar kujeru. Wanda duk ya shiga tsofaffin azuzuwa ya san ɗalibai suna kankare sunansu da kan kamfas a bayan kujera, duk da an hana. Ke nan sunayen suna nan a makaranta, ba a littafi ba, kuma wanda ya san su ya san inda zai duba.

Mu a ƙungiya mun goyi bayan barin baitin, dukanmu. Iyayenmu ba daga waƙa za su fara jin labarin Jangebe ba, sun riga mu sani. In suka karanta waƙar da babu ko alamar abin da ya faru, za su ɗauka makaranta ta manta, kuma wannan ba zai ƙara musu natsuwa ba. A kan sunayen ne muka rabu. Wasunmu sun ga Malam ya yi daidai. Ɗaya daga cikinmu, wanda yayansa yana cikin bakwai ɗin, ya ce shi da an bar sunan da ya fi so, don yayan nasa har yanzu yana tambayar labarin ajinsu duk lokacin da ya je hutu. Ba mu sami amsar da za mu ba shi ba. Abin da aka yi kawai shi ne 'yan aji shida sun yi karo-karo don a buga ƙarin kwafi bakwai, shi kuma zai kai wa yayansa nasa da hannunsa.

Baitin yana kwali na biyu, daga ƙasa. Ku rera shi a fili, kada ku karanta a zuci, za ku ji yadda “su” take maimaituwa sau huɗu kafin a sauka a kan “gana”. Kwalayen za su zauna a allo har ranar yaye. Muna roƙon kada a yi rubutu a kansu, don na uku ma sai da muka sake kwafe shi bayan ruwan sama na makon jiya.