Daren da kuɗin durowa suka gaza da N12,800

Masu hannun jari a kantin kayan masarufi na ƙungiya sun sha tambayarmu yadda muke tabbatar da cinikin kowace rana. Bari mu amsa da abin da ya faru a wani dare da muka kusa zaluntar yaron da ke karɓar kuɗi.

Idan an tashi daga kanti, injin ciniki yana fitar da doguwar takarda mai taƙaita cinikin yini. Iri biyu ce. Mai alamar X leƙe ne kawai, ana iya fitar da ita ko da tsakar rana, lissafi ya ci gaba. Mai alamar Z ita ke rufe yini, ta mayar da lissafin ranar sifili, kuma tana ɗauke da lamba mai bin ta jiya. Da ita muke aiki, kuma lambar muke fara dubawa, domin idan ta yi tsallake, to an rufe wani lissafi ba mu gani ba.

A daren, takardar ta nuna jimillar ciniki N486,500, ta kasa shi uku:

```
CASH       212,000
CARD       168,500
TRANSFER   106,000
```

Wato tsabar kuɗi, biyan kati, da taransifa. Layin farko ne kaɗai ya shafi durowa, amma ba shi ne adadin da za a tarar a ciki ba. Da safe mun bar wa yaron N15,000 na canji, sai a ƙara su. Da rana an ciri N8,000 aka sayo man janareta, ga rasit, sai a debe. Ke nan N219,000 ya kamata mu gani. Muka ƙirga sau biyu, ma'aji ya sake ƙirgawa, N206,200 ne. Giɓin N12,800.

Nan take wani daga cikinmu ya ce a cire a albashinsa. Yaron ya yi tsuru-tsuru, sai rantsuwa yake yi. Ma'aji ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri tukuna, ba mu duba sauran layuka biyun ba."

Abin da muke yawan mantawa shi ne injin bai san yadda mutum ya biya ba. Maɓallin da aka danna masa kawai yake rubutawa. Saboda haka kowane layi sai an gwada shi da wata shaida daga waje. Taransifa muka gwada da abin da ya shiga asusun kanti, ba hoton da mai saye ya nuna a wayarsa ba, kuma N106,000 ɗin sun cika. Kati kuma muka gwada da taƙaitawar yini da na'urar POS ke fitarwa. A nan kada a yi amfani da alat na banki, domin akan cire caji kafin kuɗin su shiga, wani lokacin ma sai washegari.

Na'urar POS ta nuna N181,000, injin kuwa N168,500 ya rubuta. Rarar N12,500 ke nan a wajen kati. Muka bi ƙananan rasit ɗaya bayan ɗaya har muka samu wani ciniki na N12,500 cif da aka yi bayan la'asar. Sai yaron ya tuna: wata baiwar Allah ce ta ce za ta ba da tsaba, ya danna CASH, da ta ga kuɗin hannunta ba su kai ba sai ta miƙo kati. Kuɗin suna banki, ba su taɓa shiga durowa ba.

Da muka gyara, tsaba ta koma N199,500, kati N181,000, jimilla kuma ba ta motsa ba. Alamar irin wannan kuskure ke nan: giɓi a layi ɗaya, rara daidai da shi a wani. Abin da ya kamata a samu a durowa ya zama N206,500, giɓin gaskiya N300 kacal, irin wanda ba da canji cikin cunkoso ke jawowa. Muka rubuta shi a littafi yadda yake, ba mu ce kowa ya cike daga aljihunsa ba.

Rara ma muna rubuta ta, kuma a wurinmu ta fi ƙaramin giɓi ban tsoro. Idan kuɗi suka fi lissafi, ko dai an sayar da kaya ba a shigar a inji ba, ko an tauye wa wani canjinsa, kuma haƙƙinsa ne.

Tun daga ranar, littafinmu yana da gurbin kowace hanyar biya daban, da na canjin safe, da na kuɗin da aka cira, da na abin da aka ƙirga. Mutum biyu ke sa hannu. Takardar Z kuwa muna ɗaukar hotonta a daren, domin rubutun irin wannan takarda yana dusashewa da zafi, kuma mun taɓa buɗe fayil lokacin binciken ƙarshen shekara muka tarar wasu sun koma farare.