Hoton da muka goge yana nan, sai mun bi shi har kwandon shara

Mu da ke zaman nema a Legas, kusan rayuwarmu duka a waya take: hoton katin NIN, rasit na banki, takardar haya, da hotunan iyali da ake turo mana daga gida. Wayoyin nan kuma ba sa daɗewa a hannu ɗaya. Yau tana wajen mai gyara, gobe an kai ta Computer Village a Ikeja an sayar, ko an ba ƙane. Kafin mu miƙa, sai mu goge hotuna mu ce shi ke nan. To, ba shi ke nan ba.

Mu ɗauki abin da muka saba yi a ƙungiya. Lokacin rajista, sakatare yakan ɗauki hoton katin mamba da kyamarar wayarsa, ya tura wa shugaba ta WhatsApp, idan ya gama shigar da suna a littafi ya goge. A wayar Android mai ɗora hotuna a Google Photos, hoton nan guda ya riga ya kwana a wurare da yawa, kuma sakatare ɗaya kawai ya taɓa.

Wuri na farko shi ne kwandon sharar wayar kanta. Gogewa ba ta share hoto nan take, matsar da shi take yi zuwa wani ɗaki. A Samsung, mu buɗe Gallery, mu taɓa layuka ukun nan, mu shiga Recycle bin ko Trash. A iPhone sunansa Recently Deleted. Duka biyun kwana 30 suke riƙe hoto, kuma a cikin kwanakin nan wanda ya iya buɗe kwandon zai dawo da shi cikin daƙiƙa. Sai mun zaɓi hoton a can mun sake gogewa sannan ya bar wayar.

Wuri na biyu shi ne ya fi yaudarar mutane. Idan Backup a kunne yake, mai yiwuwa hoton ya riga ya hau asusun Google. Gogewa daga Gallery ba ta cire wancan kwafin. Ko a cikin Google Photos ɗin, Delete from device wayar kaɗai yake sharewa, ya bar na asusun. Dole a jefa hoton kwando daga cikin manhajar, sannan a shiga Collections, a buɗe Trash ko Bin, a danna Empty. In ba haka ba, nan ma zai yi makonni yana jira. Adadin kwanakin a rubuce yake a saman shafin.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman, mu masu kashe data don ta yi auki. Idan muka goge babu intanet, umarnin bai isa asusun ba tukuna, yana jira ne. Wayar za ta nuna babu hoto, alhali yana can. Don haka shaidar da muke yarda da ita ba fuskar wayar ba ce. Mu kunna data, mu buɗe Chrome, mu shiga photos.google.com da asusun, mu nemi ranar da aka ɗauki hoton, mu leƙa Archive, mu leƙa kwandon. Masu iPhone su yi haka a icloud.com. Idan babu shi a nan, to ya fita daga asusun.

Na uku WhatsApp ne. Hoton da aka tura yana da nasa kwafin daban a Sent, cikin WhatsApp Images, kuma Gallery ba ta nuna abin da ke ciki. Ta manhajar fayil ake ganinsa a goge. Kwafin da ke wayar shugaba kuwa, babu maɓallin da zai tabbatar mana an share shi. Sai sakatare ya kira shi ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba kwando a share."

Mai niyyar sayar da waya ya lura: Factory reset wayar yake wankewa, ba ya taɓa abin da ke asusun Google, kuma yawanci yana barin katin memori yadda yake. A zare katin, a cire asusun, sannan a wanke. A kuma tuna cewa abin da aka share daga kwando ya tafi ke nan, don haka a duba da kyau kada hoton mahaifi da ya rasu ya bi sahu.

Katin da ɗan uwa ya ba mu amana ce, haka hoton matarsa ko 'yarsa da ya shigo wayarmu ranar suna ko biki. Muna roƙon duk wanda ya taɓa karɓar hotunan katin mambobi ya bi wuraren nan uku a wannan mako, ya sanar da sakatare idan ya gama. Allah Ya rufa mana asiri, amin.